Ƙorafi ga YouTube ba wasiƙar roƙon alfarma ba ce

Tunda na baro Kaduna na zauna a Ingila, matasan unguwarmu kan turo mini saƙon ƙorafin da suka rubuta wa YouTube in duba musu Turancin. Galibinsu matsalarsu ɗaya: sun cika mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sun nemi a fara biyansu, sai aka mayar musu da kalma biyu, reused content, wato wai kayan wasu suke maimaitawa. Ba Turancin ne ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne saƙon yakan fara da gaisuwa, ya bi da labarin wahalar data da rashin wuta, ya ƙare da "ku dubi Allah ku taimaka". Haka muke rubuta wa mai unguwa, kuma a wurinsa yana aiki. Amma wanda zai duba ƙorafin nan tambaya ɗaya ce a gabansa: ina shaidar cewa kai ka yi bidiyon?

Masu wannan sana'a da nake gani a nan ba su fi namu basira ba. Sun dai saba ajiye ɗanyen hoton da suka ɗauka da fayil ɗin tacewa. A gida kuwa waya ɗaya ce kyamara, ita ce wurin tacewa, ita ce rumbu. Da ta cika sai a goge ɗanyen a bar wanda aka gama. Ga kuma al'adarmu ta fara sakin bidiyo a TikTok da WhatsApp, shafuka goma su kwashe su ɗora, sannan mai shi ya kawo nasa YouTube da tambarin TikTok a jiki. Mai dubawa da bai san ka ba, me zai ɗauka?

A ce wata baiwar Allah ce a Tudun Wada mai koyar da girki, masa da miyan taushe da dambun nama. Ba ta nuna fuska, hannunta da tukunya kawai ake gani, ba ta magana, sai rubutu da kiɗa. Aikinta ne tsaf, amma daga waje ya yi kama da na masu tsinto bidiyon wasu. Idan aka ƙi ta, tana da kwana 21 ta ɗaukaka ƙara daga sashen Earn na YouTube Studio. Idan an ba ta damar yi da bidiyo, kada ya kai minti 5, ta ɗora shi a tashar da ake magana a kanta a matsayin Unlisted, adireshin tashar kuma ya bayyana cikin daƙiƙa 30 na farko.

Sauran lokacin duk na nuni ne. Ta nuna madafin, da tukunyar nan da ke fitowa a bidiyoyinta, da yadda take kafa wayar. Ta ɗauki bidiyonta da aka fi kallo, ta buɗe ɗanyensa a waya ranar ɗauka na bayyane, ta buɗe aikin a CapCut a ga inda ta yanka da inda ta sa rubutu, sannan ta nuna shi yadda ya fito a tashar. Ta maimaita da wani sabo, domin masu dubawa sukan kalli waɗanda aka fi kallo da na baya-bayan nan. Shafin TikTok ɗin ma ta nuna ta shiga ciki, a san nata ne. Ba dole sai ta buɗe fuska ga duniya ba, tunda sai mai adireshin bidiyon ne zai gan shi. In da Hausa za ta yi bayani, ta sa fassarar Turanci da aka rubuta da hannu a ƙasa.

Abu biyu nake yawan hana yaranmu. Kada a yi gaggawar goge bidiyoyi kafin ƙorafi, don ana cewa kuskure aka yi, gogewa kuwa kamar amsa laifi ce. Kada kuma a kafa hujja da "mai shi ya ba ni izini" ko "ba a taɓa kama ni da satar fasaha ba". Wannan wata doka ce daban. Mai yanko wa'azin malamai ko fitowar fim ya ɗora ba tare da sharhin kansa ba, ko da izini, hukuncin ya hau kansa daidai, kuma gara ya gyara tashar ya sake nema bayan kwana 30, in karon farko ke nan da aka ƙi shi.

Amsa kan zo cikin kwana 14. Wanda kuma wayarsa ta cika yau, ya shiga kasuwar Sheikh Gumi ya sayi katin ajiya kafin ya goge ɗanyen bidiyo ko ɗaya.