Kafin ka gyara tsohon kod, fara kama halinsa

Akwai wani fayil a manhajar da muke kula da ita ta wani dilan atamfa a Kantin Kwari. Shi ke lissafa kuɗin sari da ragi. Wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin aiki, ko layi ɗaya na bayani bai bari ba, mu kuma kowa kewaye shi yake kamar rijiya gaba dubu.

Ni dai a ganina, duk wanda ya fara gyara irin wannan fayil bai rubuta gwajin kama hali ba, caca yake da kuɗin mutane. Gwajin nan ba ruwansa da abin da ya kamata kod ya yi. Abin da yake yi a yau, daidai ko kuskure, shi ake rubutawa.

Ga yadda na yi. Na sa amsar da na san ƙarya ce:

```python
def test_turmi_50():
    assert lissafa(50, 12000) == 0
```

Da na kunna `pytest` sai ya faɗi, ya nuna `assert 600000 == 0`. Na cire sifirin na sa 600000. Haka na bi turmi 1, 49, 50, 51 da 200, don a bakin iyaka ɓarna ta fi ɓuya.

A nan abin ya fito. Turmi 50 a kan naira 12,000 ya ba da 600,000, ba ragi. Turmi 51 kuwa 581,400, an cire kashi 5 cikin ɗari. Duk ofis mun ɗauka ragin daga 50 yake farawa, ashe `> 50` aka rubuta, ba `>= 50` ba.

Abokin aikina ya ce, "Malam, ai kuskure ne, mu gyara kawai." Na ce a'a. Gyaran nan zai mayar da rasidin turmi 50 zuwa 570,000, wato naira 30,000 ta fita daga aljihun Alhaji, dilan atamfar, ba da saninsa ba. Wataƙila kuskure ne, wataƙila haka ya so tun farko. Hukuncin nasa ne. Na bar gwajin a 600000, na rubuta tambayar a gefe, don sake fasalin kod daban, sauya farashi daban.

Amma kada gwaji ya ci ka saki jiki. Ka ɓata kod ɗin da gangan, ka mayar da `>` zuwa `>=`, ka sake kunnawa. Idan babu gwajin da ya faɗi, ba ka kama komai ba. Namu na turmi 50 ya faɗi nan take, sai na mayar da alamar yadda take.

Sai bayan nan muka fara raba dogon aikin gida-gida, muna kunna gwaji bayan kowane ɗan sauyi. Tambayar ragin kuma tana jiran Alhaji ya dawo daga Umara.