Wai a haɗe ƙwayoyin duka a sha da sahur

Wanda ya yi wannan muryar da ke yawo a Wasap, sannu likitan duniya! Wai mai ciwon suga ya tattara ƙwayoyinsa na yini ya haɗiye da sahur, shi ke nan ya gama. To kun dai ji abin da ya faru da wata tsohuwa a unguwarmu nan Tawa, da la'asar aka kwashe ta sai asibiti, gumi sharkaf, ba ta gane kowa.

Glibenclamide take sha, wanda ake kira Daonil. Aikinsa ya tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Ta sha ƙwayar safe da ta dare lokaci guda da asuba, ta bi da kunu, sannan babu komai a cikinta har yamma cikin wannan zafi. Me ake jira? Suga ya faɗi ƙasa warwas.

Za a ce, to ya za a yi, a daina maganin? A'a. Ana juya shi ne, kuma likita ke juyawa. Galibi ƙwayar safe tana komawa lokacin shan ruwa, ta sahur a rage ta rabi, ko ma a canza maganin da gliclazide mai sauƙin haɗari. Mai shan metformine sau uku kuwa, kashi biyu da shan ruwa, kashi ɗaya da sahur. Kun ga ko a nan hukuncinsu ya bambanta. Amma mai murya bai tambayi sunan maganin kowa ba.

"Ai ni bara na yi haka ban ga komai ba." Madalla, Allah ya tsare ka. Maganinku ɗaya da ita? Ƙodarku ɗaya?

"Auna suga yana karya azumi." Ba ya karyawa, ɗigon jini ne a yatsa, ku tambayi malaminku. In na'ura ta nuna ƙasa da 0,70 g/l, ko ta haura 3 g/l, a ajiye azumi nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Haka in jiki ya ɗauki rawa, gumi mai sanyi, zuciya na bugawa, magana ta fara sarƙewa. In suga ne ya faɗi, a ba mara lafiya ruwan suga tun yana iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai, a nufi asibiti.

Wallahi abin na taɓa ni, domin iyayenmu kunyar ajiye azumi suke ji, alhali Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Ku ɗauki kwalayen maganin Inna ku kai wa likitanta, ku daina tura mata murya.