Idan ma'aikaci ya kawo kuka, a ɗauko biro kafin a ce "yi haƙuri"

'Yan'uwa masu riƙe da ma'aikata a Jidda da Makka da Madina, musamman mu da Allah ya sa muke tsakanin mudiri da yaran aiki, akwai wata ɗabi'a tamu da nake so mu duba. Yaro zai zo ya ce an yanke masa albashi ba bisa ƙa'ida ba, ko ya yi awannin ƙari ba a biya shi ba. Sai mu ja shi gefe, mu dafa kafaɗarsa, mu ce "haba ɗan'uwa, mu da muke baƙi a ƙasar mutane? Bar maganar, zan yi wa Alhaji magana." Ya tafi. Ba a rubuta komai ba. Bayan wata biyu ya sake ɗaga maganar, a ce masa yaushe aka yi haka.

Ba na gaba da sulhu, da shi aka raine mu. Amma sulhun da ba a rubuta ba kusan kullum mai ƙarfi yake yi wa aiki, domin shi ne ba ya asarar komai idan an manta. Wanda igamarsa da kwangilarsa suke rataye da kamfanin, wanda iyalinsa a Kano ko Maraɗi suke jiran ƙarshen wata, shi ne ake cewa ya yi haƙuri, kuma shi ne ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2005 aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya, ba ta bar wannan ga son ran mudiri ba. Sashe na 71 ya ce ba a hukunta ma'aikaci sai an sanar da shi laifin da ake tuhumarsa da shi a rubuce, an tambaye shi, an saurari kariyarsa, an kuma rubuta hakan an saka a fayil ɗinsa. Sashe na 72, yadda yake a yanzu, ya ba shi kwana 30 ya kai koke a rubuce ga kamfanin bayan an sanar da shi hukunci. Idan an ƙi kokensa, ko kwana 15 suka wuce ba a ba shi amsa a rubuce ba, hanyar kotun ƙwadago ta buɗe masa. Wato shirun da muke yi muna ganin maganar za ta mutu da kanta, shi ne ke tura yaro waje. (Masu aikin gida da direbobin gida tsarinsu daban ne, ba da su nake ba a nan.)

Ga yadda wani koke ya gudana a sito na kaya da nake aiki, kusa da tashar jiragen ruwa ta Jidda. Wani mai lodi, albashinsa riyal 2,400, wato riyal 80 a rana. Ƙarshen wata ya ga an rage masa 240. Ya zo ofis ransa a ɓace, yana magana da ƙarfi, yana haɗa abu uku a lokaci guda: kuɗin da aka yanke, awannin ƙari da bai gani ba, da kuma cewa fomansu ya tsane shi tun ranar da ya zo.

Abu na farko shi ne a zaunar da shi a rubuta. Na ce masa, "Ƙanena, zauna. Faɗa mini ɗaya bayan ɗaya, zan rubuta, sannan in karanta maka." An sa wa koken lamba da kwanan wata a littafin koke. An rubuta abin da ya faru, ranar da ya faru, wanda ya gani, sannan abin da mutane suka fi mantawa: me yake so a yi masa. Ya ce a mayar masa da 240, a biya shi awa 10 na ƙari. Maganar ƙiyayya kuwa na tambaye shi ko akwai wani abu takamaimai da foman ya yi ko ya faɗa. Ya yi shiru, ya ce babu sai wannan yankan. Aka rubuta haka nan, yadda ya faɗa.

A nan akwai abin da ya shafe mu Hausawa musamman. Dokar ta ce takardun aiki da Larabci ake yin su. Da yawa daga cikin yaranmu, ban da waɗanda aka haifa a nan, Larabcin kasuwa suke ji, ba na takarda ba. Idan ka rubuta da Larabci ka miƙa masa ya sa hannu, ba kokensa ya sa wa hannu ba, naka ne. Dole a karanta masa da Hausa layi bayan layi, ya ce "e, haka na faɗa" ko ya gyara. Shi wannan ya gyara wuri ɗaya: na rubuta ya nemi izini, ya ce a'a, a rubuta an ba shi izini. Kuma a kan wannan bambancin ne duka maganar ta tsaya daga baya. Ya sa hannu, na sa hannu, ya tafi da kwafi mai kwanan wata. Kwafin nan ba alfarma ba ce. Shi ne ke nuna ranar da aka fara ƙirga kwana 15.

Sai bincike. Kuskuren da aka fi yi a ƙananan kamfanoni shi ne a ɗauki takardar a miƙa wa wanda ake ƙara, a ce "ga abin da yaronka ya ce, me ka gani?" Ba a ba kura ajiyar nama. Foman shaida ne a wannan magana, ana tambayarsa kamar yadda ake tambayar kowa, ba shi ke yanke hukunci ba. Kuma kafin a tambayi kowa, a fara da abin da ba ya canza baki: na'urar basma da ake dangwala yatsa a shiga da fita, takardar albashi, jadawalin aikin makon.

Basma ta nuna bai zo ranar Asabar ɗaya ba. Takardar albashi ta nuna an cire kuɗin ranar, 80, an ƙara masa tarar kwana biyu, 160. A fayil ɗinsa babu takardar tuhuma, babu inda aka rubuta an tambaye shi. Tun daga nan tarar ta riga ta faɗi, ko da a ce ya yi laifin, domin ba a bi sashe na 71 ba. Akwai rangwame a dokar cewa ana iya tambayar mutum da baki a ƙananan laifuka da hukuncinsu bai wuce gargaɗi ko yankan kwana ɗaya ba, amma ko shi sai an rubuta an yi, kuma wannan kwana biyu ne.

Duk da haka ba mu tsaya nan ba, domin yaron yana da haƙƙin a san ko ya yi ƙarya ko bai yi ba. Ya nuna saƙon murya da ya tura wa foman a WhatsApp daren Juma'a, yana cewa kawunsa ya rasu a Makka, zai tafi jana'iza. A ƙarƙashinsa akwai amsar foman: "Mashi, Allah ya jiƙansa." Da aka kira foman shi kaɗai, aka nuna masa, bai musa ba. Ya ce, "Wallahi Malam, na amsa, amma safiyar Asabar kwantena biyu suka shigo, hankalina ya tafi, ban gaya wa ofis ba." Mai lissafi ya ga gurbi a basma, ya ɗauka fashi ne, ya yanke. Babu ƙiyayya a ciki, mantuwa ce da rashin tsari. Da a gaban yaron aka tsayar da foman, ana kallonsa, ina da yaƙinin girman kai ba zai bar shi ya amsa da sauƙi haka ba. Shi ya sa ake jin kowa daban, a rubuta abin da ya ce, ya sa hannu.

Maganar awannin ƙari ita ce ta fi koya mini darajar rubutu, domin a nan yaron ne lissafinsa bai yi daidai ba. Ya ce awa 10. Basma ta nuna 6, a ranaku uku. Sauran huɗun, da aka bi kwanakin tare da shi, sai ya gane na watan da ya gabata ne, kuma an riga an biya shi su. Sashe na 107 ya ce awar ƙari kuɗin awa ne da ƙarin rabin albashin asali na awar. Shi duka albashinsa na asali ne, awarsa riyal 10, don haka awar ƙari 15. Awa 6 riyal 90 ke nan, ba 150 ba. Masu cewa rubuta koke ba wa yara ƙofar tsaurin ido ne su duba wannan. Takardar da ta kare shi daga tara ita ce ta kare kamfanin daga biyan abin da ba a bin sa.

Amsar ta fita cikin mako guda, shafi ɗaya, da Larabci, aka karanta masa da Hausa. Ta ambaci lambar koken da ranarsa. Ta faɗi abin da aka duba da waɗanda aka tambaya. Sannan ta ɗauki buƙatunsa ɗaya ɗaya. Tarar 160 an soke ta, an share ta daga littafin tara da fayil ɗinsa. Ranar jana'iza, tunda kawu ba ya cikin dangin da doka ta ba da hutun rasuwa dominsu, an lissafa ta cikin hutunsa na shekara da yardarsa, aka mayar masa da 80. Awannin ƙari 6 aka amince, 4 ba a amince ba, ga dalili. Jimilla riyal 330, za su shiga tare da albashin wata mai zuwa, kuma an rubuta sunan watan. A ƙarshe an gaya masa cewa idan bai gamsu ba yana iya kai ƙara ofishin ƙwadago, inda ake fara zaman sasantawa na kwanakin aiki 21 kafin magana ta wuce kotu.

Wannan layi na ƙarshe shi ne mudiri ya so a cire. Ya ce mini, "Kai da kanka za ka nuna masa hanyar kai mu ƙara?" Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar kowa ya san ta, a waya ake shigar da ƙara yanzu. Idan muka rubuta, zai ga ba mu ɓoye masa komai ba." Ya yi ɗan tunani ya sa hannu.

Amsar da nake ƙi da gaske ita ce mai layi biyu: "An duba kokenka, an ɗauki matakin da ya dace." Wane mataki? Nawa? Yaushe? Wanda ya karɓi irin wannan bai san ko ya ci ko ya faɗi ba, kuma idan maganar ta je gaban mai sasantawa, kamfanin ma ba shi da abin da zai nuna cewa ya yi bincike. Haka kuma duk wahalar ta tashi a banza idan bayan koken aka fara canza wa yaron wurin aiki zuwa mafi wuya, ko aka hana shi awannin ƙari da yake samu a da. Sauran ma'aikata suna kallo. Idan ka ga littafin kokenku ya shekara babu ko layi ɗaya a sito mai mutum arba'in, kada ka ce lafiya lau ake, je ka tambayi abin da ya sami wanda ya yi koke na ƙarshe.

A wurinmu abin da ya canza bayan wannan ƙarami ne. Duk foman da ya ba yaro izini, a waya ko da baki, sai ya tura wa ofis kafin a tashi aiki ranar. Mai lissafi kuma ba ya yanke tara sai ya ga takardar da aka tambayi mutum a kai, da sa hannunsa.