Tambayar da ba a jiran amsa ba rashin sani ba ne

"Wai mai jawabi da ke ta tambaya a kan mumbari, ba alamar bai shirya ba ne?"

A'a wallahi, sau da yawa ma shi ne ya fi kowa shiri. Irin wannan tambayar ana jefa ta ne inda mai magana ya tabbata amsa ɗaya ce a bakin kowa, sai mai sauraro ya faɗe ta a ransa ya ji kamar shi ya gano abin, kuma mutum ba ya saurin musa abin da ya faɗa da kansa.

A ce taron manoman shinkafa ne a Argungu, shugaba na so a haɗa kuɗi a sayi injin ban ruwa. In yace "haɗin kai na da kyau" ba wanda zai motsa. Amma in yace "Wa ya yi haya? Mu. Wa ya sayi fetur? Mu. To wa ke da injin?" sai ya yi shiru na ɗan lokaci, biyun farko sun ɗora mutane kan amsa ɗaya, ta ukun ta juya ta, shi kenan kowa ya ji zafin abin.

Inda take ɓaci shi ne in amsar ta rabu. Ka tambayi "wa zai ƙi biya?" alhali akwai waɗanda kuɗin adashensu na bara ya salwanta, wani daga baya zai ɗaga murya yace "ni", dariya ta ɓarke, jawabi ya watse. In kaji gunaguni maimakon amsa guda, ko kaga ana kallon juna, daina tambaya ka koma kawo lissafin kuɗin dalla-dalla.