Ku da Ake Aike Shago Sayo wa Yara Biskit, Don Allah Ku Riƙa Juya Bayan Leda

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku yayye da kawunnai da gwaggonni da ake miƙa wa kuɗi da safe a ce maza je ka sayo wa yaro abin da zai ci in an fito tara. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai. A gidanmu akwai ɗan yayata, shekararsa bakwai, yana aji biyu a firamare, jikinsa ba ya karɓar gyaɗa sam, ƙwai ma haka, abin da likitoci ke cewa alaji. Uwarsa ta iya takatsantsan, to amma ba kullum ita ke zuwa shago ba, mu ne ake aika, kuma mu ne masu saurin cewa "ai ɗan kaɗan ne, me zai yi masa".

Wallahi ɗan kaɗan ɗin yana yi. Ni na gani da idona. Ranar wata Laraba na makara, na tsaya a wani shago na saya masa biskit irin wanda ya saba ci, launin ledar ne kawai ya ɗan bambanta, wannan mai cakulet ne a tsakiya. Ban duba komai ba na jefa a jakarsa. Ƙarfe goma da 'yan mintoci malamarsu ta kira, muka tarar da shi leɓensa na sama ya kumbura ya yi suntum, borin jini ya feso masa a wuya da hannuwa yana ta susa, ya yi amai har sau biyu. Allah Ya taƙaita, numfashinsa bai taɓu ba. Da na ciro ledar daga aljihun jakar na juya bayanta, ga shi nan ɓaro-ɓaro da ƙananan haruffa an rubuta akwai gyaɗa a cikin cakulet ɗin. Karatun da bai fi na minti ɗaya ba na tsallake.

Tun daga ranar na ɗauki ɗabi'a, kuma ita nake so ku ɗauka. In ka ɗauki leda, manta da hoton da ke gaba, juya baya ka nemi inda aka rubuta "Ingredients", wani lokacin ma a ƙarƙashin ninkin ledar yake sai ka ɗaga. Ka karanta tun daga farko har aya ta ƙarshe. A ƙa'ida ana jera kayan haɗi ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, shi ya sa fulawa da sukari ke zuwa a gaba, garin ƙwai ko gyaɗa kuma su maƙale can wajen ƙarshe inda ido ya riga ya gaji. Gyaɗa za ka ganta da "peanut" ko "groundnut", man gyaɗa kuma wani lokacin "arachis oil". Ƙwai "egg" ne, amma yana ɓuya da sunan "albumen" ko "ovalbumin", wato farin ƙwai ke nan, akwai kuma "lysozyme" wanda daga ƙwai ake ciro shi. Sannan ku tuna kasuwanninmu cike suke da kayan da suka shigo ta Maraɗi da Kwatano da ƙasashen Larabawa, wasu ba Turanci a jikinsu ko kaɗan. Da Faransanci gyaɗa ita ce "arachide" ko "cacahuète", ƙwai kuma "œuf". Da Larabci gyaɗa فول سوداني ce, ƙwai بيض, wanda ya yi Islamiyya zai gane su. In ka ɗauki abu ka ga harshen da ba ka iya karantawa kwata-kwata, ajiye shi, komai arharsa.

Bayan jerin kayan haɗin akwai wani ɗan layi da mutane ke tsallakewa, kuma a nan rigimar take. In an ce "Contains", to abin yana ciki, ba ja. In an ce "May contain", ko da Faransanci "Peut contenir des traces de", ma'anarsa ba su zuba da gangan ba amma inji ɗaya ko ɗaki ɗaya ake amfani da shi wajen yin wani abu mai gyaɗa ko ƙwai, ɓurɓushi zai iya shiga. Nan ne za ka ji wani ya ce ai ya ci sau goma ba abin da ya same shi. Eh, zai yiwu, domin ɓurɓushin ba a kowane kwali yake ba, wanda aka fara bugawa bayan an gama na gyaɗa zai iya kwasar da yawa, na bayansa ya fito tas. Kai da ke tsaye a shago ba ka san wanne ka riƙe ba. Mu dai a gidanmu mun yanke, mai wannan rubutun ba ya shiga jakar makaranta, sai fa in likitansa ne ya ce babu laifi.

Wani kuskuren da na sha ji shi ne "ai akwai lambar NAFDAC a jiki". Lambar nan tana nuna an yi wa kayan rajista ne, kuma yana da kyau ka duba ta tare da ranar lalacewa, amma alawar gyaɗa zalla ma tana iya samun lambar. Ba ta ce maka komai game da yaron da ke da alaji ba. Haka kuma kamfani yana iya canza haɗi ba tare da ya canza hoton leda ba, kuma ƙaramin ƙunshi da babba na suna ɗaya wani lokacin ba masana'anta ɗaya ta yi su ba. Don haka karatun ba na rana ɗaya ba ne, duk saye sai an sake.

Bari in ba ku yadda sayayyar makon jiya ta kasance, ku ga abin a aikace. Na shiga shago da niyyar saya masa na kwana biyar. Na farko biskit mai madara, na karanta: fulawa, sukari, man kayan lambu da aka bayyana cewa na kwakwar manja ne, garin madara, gishiri, sai "soy lecithin", wato na waken suya, shi kuma ba shi da matsala da waken suya ko madara ko alkama. Layin gargaɗi ya ambaci alkama da madara da waken suya kawai. Wannan ya wuce, na ɗauki biyar. Na biyu ƙaramin kek a leda, tun a layi na biyu na ga "whole egg powder", na mayar. Na uku wani wefa ne da ake sayarwa ɗaiɗai, jikinsa ba jerin komai sai suna, na ce wa mai shago, "Malam, don Allah ɗauko min kwalin da ya zo a ciki." Ya ɗan yi mamaki amma ya ɗauko, a gefen kwalin kuwa ga "may contain peanuts". Na huɗu cincin ne a farar leda an ɗaure da zare, mai kyau har ƙamshi yake, na tambaye shi da me aka yi, ya ce wata mata ce ke kawowa, bai sani ba. Cincin kuwa mafi yawan masu yi suna fasa ƙwai a kwaɓin, man suyar ma ba wanda zai faɗa maka. Na haƙura na cika da ayaba da dabino.

Wannan farar ledar da ba rubutu, ita ta fi ba ni tsoro fiye da kayan kamfani, saboda mu gyaɗa a jinin abincinmu take. Kowa ya san ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, ba wanda zai miƙa masa su. Amma yajin tsire da garin ƙuli ake haɗa shi, kilishi ana tsoma shi a haɗin tunkuza, wasu masu daƙuwa na ƙara gyaɗa. Ƙosai da fanke da awara na bakin makaranta sau da yawa da man gyaɗa ake soya su, kuma man ƙuli irin wanda ake matsewa a gida yana ɗauke da sinadarin furotin ɗin da ke tayar da alajin, wuta ba ta kashe shi. Ta ɓangaren ƙwai kuma, ana tsoma awara a ruwan ƙwai, ana shafa shi a saman mitfai don ya yi sheƙi, ana sa shi a alale, mayonis ma da ƙwai ake yi. Ko mai shayi ka ce ya dafa masa taliya ba ƙwai, kaskon da cokalin yanzu suka gama soya wa wani. Kuma kada ku zargi masu talla, yarinyar da ke riƙe da faranti ba ita ta kwaɓa ba, in ka tambaya za ta ce babu don ta yi ciniki ko don ita ma ba ta sani ba.

Wani zai ce ai akwai yara masu alajin ƙwai da ke cin kek lafiya lau. Gaskiya ne, gashi mai tsawo yana canza furotin ɗin ƙwai, wasu yaran suna jure shi, da yawa ma suna rabuwa da alajin ƙwai in sun girma, saɓanin na gyaɗa da ya fi zama da mutum. Amma gwada wannan aikin likita ne a asibiti. Don Allah kada wani ya ce zai riƙa ɗanɗana masa kaɗan-kaɗan a gida "don jikinsa ya saba", haka ake jefa yaro cikin hatsari.

In kuma tsautsayi ya gitta, alamun suna fitowa ne cikin 'yan mintoci zuwa awa biyu. Ƙaiƙayi da borin jini kaɗai abu ne da maganin ƙaiƙayin da likita ya rubuta zai iya kwantarwa, amma a zuba masa ido. In murya ta dishe, ko tari ya ƙi tsayawa, ko numfashi na fita da ƙara, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi kamar zai suma, to maganin ƙaiƙayi irin su firiton ba zai tare wannan ba, allurar adirenalin a cinya ita ce maganin. In likita ya ba ku ita a yi masa nan take, sannan a wuce asibiti mafi kusa ko da ya warware, domin abin yana iya dawowa bayan wasu awanni. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ke ba shi wahala a bar shi a zaune, kada a sa shi tafiya da ƙafarsa, kada a ɗura masa manja ko madara. Ku tafi da ledar abin da ya ci.

Shi ma yaron yanzu mun koya masa. Na rubuta masa kalmomin nan a ɗan kati na manna a cikin murfin kwanon abincinsa, malamarsu ma tana da irinsa da lambar wayar uwarsa. Jiya da aka tashi ya dawo da wata alawa a aljihu, abokinsa ne ya ba shi a aji, bai ɓare ba, ya miƙo min ya ce, "Kawu, karanta min tukuna."