Sabon direba a shataletalen Kano

Wallahi abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya, mutum jiya-jiya ya karɓi lasisi, bai taɓa tuƙi a Kano ba, ya zo shataletale ya danno kai ba ko duba hagu. Malam, tun 1972 muke tuƙi ta hannun dama a ƙasar nan, wanda ke cikin shataletale ta hagunka zai ɓullo kuma shi ke da hanya, kai za ka jira. In ta uku za ka fita ka kama layin ciki, sai ka wuce ta biyu ka sa sigina ta dama ka fito a hankali. Jiya wani ya wuce mafitarsa, maimakon ya sake zagayowa kawai ya taka birki ya sa ribas, saura ƙiris mai adaidaita ya shige bayansa da yara 'yan makaranta a ciki.

Wanwe kuma, ko allon ya faɗi, ka ga motocin da aka faka gefe biyu duk sun fuskanto ka, ai ka san ka shigo ta baya. Tsaya ka tambayi mai shago mana.