In za ka tura wa tela hoto, haɗa shi da bayani

Samari da 'yan mata, musamman idan Salla ta matso, ku daina jefa wa tela hoton ɗinki a WhatsApp ku yi gum. Kai da ka tura ka san abin da ya ja hankalinka, shi kuwa mutum kawai yake gani sanye da kaftani. Yankan rigar kake so, ko aikin wuya, ko launin shaddar? Kuɗin ɗinkin kake tambaya, ko cewa kake a yanka yadin da ka kawo jiya? Ko kuwa burge ka ya yi ka tura don nishaɗi? Duk waɗannan suna iya fitowa daga hoto ɗaya, kuma wanda ke da ɗinki jibge a gabansa ba zai zauna yana canka ba. Ko dai ya bar saƙon sai ya samu sarari, ko ya zaɓi fassarar da ta fi masa sauƙi ya sa almakashi. Yadi kuwa in an yanka, an yanka.

Akwai kuma abin da hoto ba ya iya nunawa ko kaɗan. Ba ya nuna bayan riga, ba ya nuna awo, ba ya faɗin nauyin yadi. A ce wata ta kai turmin atamfa, yadi shida, sannan ta tura hoton doguwar riga mai faɗin ƙasa da manyan hannuwa. Tela ya ɗauka duka ake so, ya cinye yadin a rigar, ɗankwali ya fito ɗan tsurut. Ita kuwa hannun kaɗai take so a ɗora a kan riga da siket. Laifin wa? Launi ma haka: hasken wurin da aka ɗauki hoton da fuskar waya suna sauya shi, shuɗi mai duhu ya zama kamar baƙi. Sannan manhajar tana rage ingancin hoto, ƙananan zanen aikin wuya su dushe, sai fa in ka danna HD ko ka tura shi a matsayin Document.

Gyaran bai fi layi biyu ba. Kafin ka danna tura, rubuta bayanin a akwatin da ke ƙarƙashin hoton, don su tafi a manne. In ka turo shi daban bayan awa uku, wasu saƙonni sun shiga tsakani, ba a san wane hoton kake nufi ba. Misali: "Salamu alaikum Malam, aikin wuyan nan kawai nake so a kan farar shaddata, hannu mai links, tsohon awona. Nawa ne, kuma zai samu ran Alhamis?" Ka ɗauki alƙalamin da ke saman hoton ka zagaye wuyan.

Wanda rubutu ke ba shi wuya ya yi saƙon murya, amma ya ja hoton gefe tukuna ya amsa a kansa. In hotuna uku ne, kowanne da nasa bayanin: wuya daga na farko, aljihu daga na biyu, na uku tsawon rigar kawai za a duba.